Farashin rufewa ne alƙalin mai cacar ƙwallo, ba tikitin da ya ci ba

Duk ranar Lahadi da dare sai ka ga an cika mana waya da hotunan tikitin da ya ci, mai shi yana cewa ya san ƙwallo. Ni dai ban yarda tikiti hujja ba ne. Hukuncin caca a addini kowa ya san shi, ba shi na zo tattaunawa ba. Lissafin nake so mu duba, domin akwai awon da ke nuna ko mutum yana sayen farashi mai kyau ko kuwa sa'a ce take ɗauke da shi, kuma yawancin masu cika bakin nan ba za su so a yi musu shi ba.

Farashi a nan shi ne lambar da ake gani a allo da sunan `odds`, kamar 2.10, wato naira dubu ta dawo da 2,100 in an ci. Lambar ba ta zama wuri ɗaya. Ana buɗe ta kwanaki kafin wasa, kuɗi na shiga, labarin rauni na fitowa, tana hawa tana sauka. A Firimiyar Ingila, tun kakar 2024/25, ana fitar da sunayen 'yan wasa minti 75 kafin a take wasa, kuma a wannan ɗan lokacin kasuwa kan yi gyaranta na ƙarshe. Lambar da ta tsaya a kai lokacin da alƙali zai busa usur ita ce farashin rufewa. Duk abin da jama'a suka sani game da wasan, da kuɗin manyan masu lissafi, ya riga ya shige cikinta. Shi ya sa a manyan gasanni da wuya ka samu hasashen da ya fi ta kusa da gaskiya.

To ga yadda ake awon. A ce ranar Alhamis mutum ya sa naira dubu a kan za a zura ƙwallo uku ko fiye a wasan Asabar, a farashin 2.10. Da aka zo rufewa, kamfani mai ƙaramar la'ada irin Pinnacle yana ba da 1.90 a kan hakan, da 2.00 a kan akasinsa. Kada a yi gaggawar gwada 2.10 da 1.90, domin akwai la'adar kamfani a cikin 1.90 ɗin, sai an cire ta tukuna.

```
1/1.90 + 1/2.00 = 1.0263
1.90 x 1.0263 = 1.95
2.10 / 1.95 - 1 = 0.077
```

Layin farko ya nuna la'adar ta kai kashi 2.6 cikin ɗari. Na biyu ya ba da farashin gaskiya, 1.95. Na uku ya ce mutumin ya samu farashin da ya fi na gaskiya da kashi 7.7 cikin ɗari, kimanin naira 77 ke nan a kan dubunsa. Yanzu a ce wasan ya tashi babu ci, dubunsa ta tafi. Wannan bai sa sayen ya zama mummuna ba, domin 1.95 na nufin ko da ma sau 49 cikin ɗari faɗuwa zai yi. Wanda kuwa ya sayi abu ɗaya a 1.93 zai ga an rufe a 1.90 ya ce ya riga kasuwa, alhali idan aka gwada da 1.95 yana ƙasa da gaskiya da kashi ɗaya cikin ɗari. Nan ne mutane da yawa ke yaudarar kansu.

Me ya sa ba za a duba riba kawai a huta ba? Saboda riba tana da hayaniya ƙwarai. A farashin 2.00, kowane tikiti ko dai ya ninka kuɗin ko ya cinye shi duka. Ɗauki mutumin da kowane sayensa yana ƙasa da gaskiya da kashi 5 cikin ɗari, ya yi caca ɗari, dubu-dubu. Lissafi ya ce zai yi asarar naira 5,000, amma lilon da sa'a ke yi a caca ɗari ya kai naira 10,000 sama ko ƙasa. Ma'ana, cikin irin waɗannan mutane goma, kusan uku za su ƙare da riba a hannu, kuma su ne za ka ga suna buɗe zauren sayar da hasashe. Shi kuma gwanin gaske mai fifikon kashi 3 cikin ɗari, sai ya yi caca fiye da 4,000 kafin ribarsa ta fita daga abin da sa'a kaɗai za ta iya kawowa. Bambancin farashi ba ya lilo haka. In muka ɗauka yana kaiwa da komowa da kashi 10 cikin ɗari a kowane saye, to caca hamsin zuwa ɗari sun isa a fara ganin inda mutum ya dosa.

Aikin kansa littafi ne da haƙuri. Kowane saye a rubuta ranarsa, wasan, kasuwar, farashin da aka samu, da farashin rufewa na ɓangarorin duka, a fitar da kason, sannan a ɗauki matsakaici. Sharaɗin shi ne a rubuta duka. Wanda ya tsallake waɗanda kasuwa ta juya masa baya ya ɓata awon tun daga tushe. Matsakaicin nake kallo, ba yawan lokutan da aka riga kasuwa ba, domin ana iya rigarta sau shida da ɗan kaɗan, a faɗi sau huɗu da yawa.

Amma awon yana da iyaka, kuma masu yabonsa ba su cika faɗa ba. Ƙarfinsa daga yawan kuɗin da ke kasuwar yake. A Firimiya ko Gasar Zakarun Turai abin dogaro ne, amma a ƙananan gasanni, ko kasuwar bugun kwana da katin gargaɗi, kuɗi kaɗan na iya ture farashi, don haka rufewar ba ta da wannan nauyin. Sannan dole a gwada abu da irinsa: in ka saya a layin ƙwallo 2.5, wato ƙwallo uku ko fiye, aka rufe babban layi a 2.75, sai ka nemo farashin 2.5 ɗin, ba ka haɗa biyun ba. Hanyar cire la'ada da na nuna ma tana aiki ne sosai idan ɓangarorin sun yi kusa. A farashi mai nisa kamar 9.00, kamfanoni kan ɗora la'ada mafi nauyi a can, sai lissafin ya nuna maka fifikon da babu shi.

Abin da littafin zai nuna wa yawancin mutane ba daɗi. Mai saye minti biyar kafin wasa farashin rufewar yake saya da la'adarsa, don haka matsakaicinsa zai zauna ƙasa da sifili, daidai gwargwadon la'adar. Mai haɗa wasanni a tikiti ɗaya kuwa ninka ta yake yi: wasa biyar, kowanne ƙasa da gaskiya da kashi 5, sai ya zama 0.95 sau biyar a jere, wato 0.77, asarar kusan kashi 23 cikin ɗari tun ba a taɓa ƙwallo ba. Ɗan tsirarun da ke riga rufewa a kai a kai su ma ba su tsira ba, domin kamfanoni da yawa da wannan awon suke gane su, sai kawai su rage musu adadin kuɗin da za su iya sawa, ko da a lokacin asusun nasu asara yake nunawa.