Ninka maki ba adalci ba ne ga ɗaliban da ke ƙasa

A zaman duba sakamakon zangon da ya wuce, wani kwas a sashenmu ya zo da abin da kowa ya san yana faruwa: tambayoyi sun yi tsauri fiye da abin da aka koyar, ɗalibin da ya fi kowa 56 ya samu. Nan take aka ce a ninka makin kowa da 1.25 domin na kan gaba ya kai 70, wato A. Aka kira wannan hanyar kimiyya, aka wuce. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai.

Mu yi lissafin tare. Mai 56 ya koma 70, ya samu ƙarin 14. Mai 40 ya koma 50, ƙarinsa 10. Mai 28 ya koma 35, bakwai kacal aka ba shi, kuma ya faɗi, tunda 40 ne makin tsira. Jarrabawa ɗaya suka zauna, kuskuren kuma na malami ne, amma diyyar na sama ta ninka ta na ƙasa. Tazarar da ke tsakaninsu a takarda 28 ce, alƙalaminmu ya mayar da ita 35.

Da 14 ɗin nan aka ƙara wa kowa, na kan gaba zai kai 70 ɗinsa, mai 28 ya koma 42 ya haye, tazara ta tsaya inda ɗalibai suka bar ta. Da ninkawa sai mai 32 zai kai 40, da ƙari kuwa mai 26 ya kai. Ke nan duk wanda ke tsakanin 26 da 31, mu muka yanke masa maimaita kwas da hanyar da muka zaɓa cikin minti biyar. Waɗannan yara ne da wasunsu za su ƙara shekara, iyaye su sake neman kuɗin rajista.

Masu ninkawa kan ce da tambayoyin sun yi daidai, mai ƙoƙari ne zai fi cin moriyarsu. Wannan hasashe ne kawai, ba wanda ya ga amsar da ba a rubuta ba. Tsoron kada wani ya zarce 100 kuma bai taso ba a ajin da gwaninsa ke da 56.

Na yarda ninkawa na da gurbinta. Idan aka soke tambaya mai maki 20, aka mayar da 80 ɗin da ta rage zuwa 100, wannan sauya ma'auni ne. A namu ba tambayar da aka soke. An so a ga A a takardar sakamako, shi ke nan, aka saye ta da makomar na baya.

Kowane sashe ya rubuta ƙa'idarsa kafin a shiga ɗakin jarrabawa, ya auna ƙarin da matsakaicin makin aji na shekarun baya, ya kuma sanar da ɗalibai abin da aka yi wa makinsu.