Zuwa ga iyayen ajin ƙanana, kan maganar cizon nan

Assalamu alaikum iyayen yarana, mata da maza. Da fatan kun wuni lafiya, ya gida ya yaran namu?

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in rubuta. Cikin mako uku an yi cizo sau bakwai a ajinmu na 'yan shekara ɗaya da rabi zuwa uku. Ina tsaye wata uwa ta ɗaga hannun rigar 'yarta ta ga shatin haƙora a dantse, sama da ƙasa, har wurin ya fara yin baƙi. Ba ta ce mini uffan ba, sai idonta da ya ciko. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Amana kuka ba mu, kuma a hannunmu abin ya faru, don haka da ban haƙuri zan fara. Ku yi haƙuri, ku gafarce mu.

Amma akwai wata uwar da ba wanda ya ga hawayenta: wadda na ja gefe na ce mata ɗanta ne mai cizon. Cewa ta yi, "Anti, a ina na kuskure?" Na ce mata Hajiya, ba ki kuskure ba. Abin da nake so mu fahimta gaba ɗaya ke nan. Cizo a wannan shekarun ba mugunta ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba. Ɗan shekara biyu yana jin haushi, yana jin kishi, yana son abu sosai kamar babba, sai dai harshensa bai kai ba. Kalmominsa 'yan kaɗan ne, da ƙyar yake haɗa biyu. Kafin ya lalubo "nawa ne" an riga an fizge motar, abin da ya fi kusa da shi kuwa shi ne bakinsa. Ga kuma haƙora. Fiƙoƙi kan fito wajen wata 16 zuwa 23, turamen can ciki na ƙarshe kuma daga wajen shekara biyu zuwa dab da uku, sannan haƙoran farko guda 20 su cika. Dasashi na ƙaiƙayi, yaro na neman abin da zai gartsa wa.

Da abin ya maimaitu, sai muka daina cewa "yau ma an yi", muka ɗauko littafi. Duk cizo sai mu rubuta ƙarfe nawa, a wane lungu na aji, me ake yi a lokacin, me ya faru dab da shi. Da muka jera su, sai ga abin a fili. Shida daga cikin bakwai ɗin sun faru ne tsakanin ƙarfe 11 da 11 da rabi, wato kafin cin abinci, lokacin da yunwa da barci suka haɗu wa yaro. Huɗu a wurin wanke hannu ne, inda muke tara yara goma sha huɗu a gaban bokiti ɗaya suna ture juna. Biyu kuma a kan wata jar mota ce guda ɗaya tal da kowa ke so. Kun ga ke nan wani kaso na laifin tsarinmu ne, mu manya, ba na yaron ba.

Sai muka gyara. Mun dawo da cin abinci ƙarfe 11 saura kwata. Wanke hannu yanzu huɗu-huɗu ake yi, sauran suna zaune a tabarma muna waƙa. Mun ƙaro jajayen motoci biyu iri ɗaya, domin ɗan shekara biyu bai iya jiran layi ba tukuna, ko ka ce ya bari a gama ba zai gane ba. Ɗaya daga cikin masu renonmu kuma aikinta a wannan rabin awar shi ne ta zauna dab da yaron, inda hannunta zai kai gare shi. Akwai alama kafin cizo: jiki ya ƙame, ido ya kafe a kan wani yaro, kai ya sunkuya baki a buɗe. Nan take sai ta shiga tsakani, ta ba shi kalmar da ya rasa: "Ka ce bari. Ka ce nawa ne."

In kuwa cizon ya riga mu, wanda aka ciza muke fara ɗauka. Mu rarrashe shi, mu wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta sosai, mu ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma. Mai cizon kuma a durƙusa daidai tsawonsa, a ce masa a taƙaice, ba tsawa ba dariya: "A'a. Ba a cizo. Cizo da zafi." Dogon faɗa wuce shi yake yi, wani yaron ma sai ya lura cewa da ya yi cizo kowa ke juyowa kansa.

Idan fata ta fashe har jini ya fito, za mu kira ku a lokacin, kuma muna roƙon ku kai shi asibiti a ranar, domin bakin ɗan'adam cike yake da ƙwayoyin cuta. Ku tafi da katin rigakafinsa a duba ko ya kammala allurar fenta ta mako 6, 10 da 14, wadda ke ɗauke da kariyar tetanas da ciwon hanta. Kada a shafa toka, man goge baki ko man zafi. A kwana biyun da ke biye ku sa ido: kumburi mai ƙaruwa, wurin ya ɗauki zafi, mugunya, ko zazzaɓi, duk alamun ciwon ya harbu ne.

Yanzu ga maganar da na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Da yawa an ce mini, "A rama masa mana, in ya ji zafi zai daina." Wasu suka ce a ɗalle masa baki, ko a goga masa barkono. Na san da haka aka reni da yawanmu, kuma iyayenmu gyara suke nufi. Amma ba zan yi ba, kuma ina roƙonku kada ku yi a gida. Yaro a wannan shekarun bai iya haɗa zafin da ya ji da zafin da ya sa wani ya ji ba. Abin da zai ɗauka shi ne Umma ma tana cizo idan ta ji haushi. Haka wasan nan da muke yi na ɗan cizon kumatu ko ƙafar yaro yana ƙyalƙyala dariya, don Allah a jingine shi na ɗan lokaci. Bai san inda wasa ya tsaya ba.

Sunan yaron kuwa ba zan faɗa ba, ko a zauren sada zumuntarmu ko a keɓe. Da zarar an ce wane mai cizo ne, sunan zai bi shi har firamare, alhali yawancin yara suna bari da kansu idan baki ya buɗe, wajen shekara uku. Kuma wanda aka ciza yau, ba mamaki wata mai zuwa shi ne zai ciji wani. Na sha gani. Sirrin da na rufa wa ɗan wata, shi zan rufa wa naki. Idan dai yaro ya haura uku yana ta yi, ko ya kai biyu ba ya haɗa kalma, ko a kira shi bai waiwayo ba, to zan zauna da iyayensa mu yi maganar kai shi wurin likitan yara a duba ji da magana.

Abin da nake nema a wurinku ɗan kaɗan ne. Da safe in kun kawo shi, ku gaya mini in bai yi barci ba, in bai karya ba, in an yaye shi ko an kai shi gidan kaka, in an yi masa ƙani. Waɗannan ranakun ne muke ƙara matsowa kusa da shi.

Yau kwana tara da gyaran. Sau ɗaya aka yi yunƙuri, kuma an tare kafin haƙori ya taɓa fata. Ba zan yi muku alkawarin ba za a sake ba, littafin dai yana nan a buɗe muna ci gaba da rubutawa. Duk mai son mu yi magana ido da ido, ina aji ranar Alhamis bayan an tashi har ƙarfe biyu. Allah Ya raya mana su, Ya shirya mana su.