A fara faɗin ma'auni kafin a liƙa sunaye

Takardar da aka liƙa a ƙofar wani kamfanin sarrafa shinkafa a nan Sakkwato ta ɓata mini rai. Jerin sunaye ne kawai, an sa hannu a ƙasa, mai gadi kuma yana karɓe katin shaidar duk wanda sunansa ya fito. Ban musa cewa kamfanin yana cikin matsi ba. Dizal ya yi tsada, ciniki ya ja baya, injin da ke kwana yana aiki yanzu da la'asar ake kashe shi. Rage ma'aikata na iya zama dole. Tambayar da aka ƙi amsawa ita ce: da wane ma'auni aka zaɓi waɗannan, aka bar waɗancan?

Masu cewa kamfani na mai shi ne, ya sallami wanda ya ga dama, ba su buɗe Dokar Ƙwadago ba. Sashe na 20 ya ɗora wa mai kamfani abu uku. Ya sanar da ƙungiyar ma'aikata ko wakilinsu dalilin ragin da yawan waɗanda zai shafa. Ya bi ƙa'idar cewa wanda ya shigo a ƙarshe shi ne zai fara fita, a cikin rukunin aikin da ake ragewa, tare da duba ƙwarewa da iya aiki da riƙon amana. Sannan ya yi iya ƙoƙarinsa a daidaita kan kuɗin sallama.

Wannan sassauci na duba ƙwarewa shi ne ƙofar da son kai ke shigowa ta cikinta. A ce kamfanin yana da direbobi biyar, motoci biyu sun tsaya, uku kawai yake buƙata. Ƙa'ida ta ce biyun da aka ɗauka daga baya su ne za su tafi. Idan manaja yana son ya riƙe ɗaya daga cikinsu, ya sallami wanda ya shekara takwas, doka ba ta hana ba, amma sai da hujja. Ina rajistar zuwa aiki? Sau nawa tsohon ya yi hatsari? An taɓa ba shi takardar gargaɗi? Idan sabon ya iya gyaran mota, tsohon bai iya ba, wannan dalili ne da kowa zai gani da idonsa. Idan kuwa fayil ɗin tsohon ba komai a ciki, sabon kuma ɗan ƙanwar manaja ne, to ba rage ma'aikata aka yi ba, an kori wanda ba shi da uwa a gindin murhu ne. Alamar ba ta ɓuya: bayan wata biyu sai ka ga an ɗauki wani a kan kujerar da aka ce babu buƙatarta.

Shi ya sa na nace cewa a rubuta ma'aunin, a karanta wa ma'aikata shi, tun kafin a san wanda zai faɗa a ciki. Zaman da aka kira bayan an gama jera sunaye sanarwa ce kawai, ko da an raba lemo. A zaman gaskiya ne ake jin cewa akwai dattijon da dama yana son ya koma gona idan za a sallame shi da mutunci, ko ma'aikata su yarda a rage kwanakin aiki na ɗan lokaci.

Batun kuɗi kuwa, a nan aka fi cutar mutane. Dokar ba ta yanke adadin kuɗin sallama ba, ta bar shi ga yarjejeniya, sai wasu suka ɗauki hakan a matsayin izinin ba da abin da ya sawwaƙa. Za a miƙa wa mutum albashin wata guda a ce an sallame shi, alhali wannan kuɗin wa'adi ne: sashe na 11 ya ba wanda ya kai shekara biyar wa'adin wata ɗaya, ko kuɗinsa. Kuɗin sallama daban yake. Da an daidaita kan rabin albashin wata a kan kowace shekarar aiki, direban nan mai albashin naira 90,000 da shekara takwas zai tashi da 360,000, ban da na wa'adi, da albashin da yake bi, da gudummawar fanshon da aka yanka ba a tura asusunsa ba. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba damar cire kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusun.

Masu ce wa waɗannan bayin Allah su yi haƙuri, arziki na Allah ne, su fara kai wa manaja nasihar, domin haƙƙin ma'aikaci ma Allah ne ya wajabta shi. Ma'aikatan kada su sa hannu a takardar da ke cewa an biya su komai kafin su ga lissafi a rubuce. Ofishin ƙwadago ya nemi ma'aunin da aka bi, idan babu, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana nan.