Takardar Gargaɗin Kawu

Alhaji ya kira ni ofis ya ce, tunda ni ne shugaban ma'aikata, in rubuta wa mai riƙe da makullin mangaza takardar gargaɗi a kan makara. Na ce to. Abin da Alhaji ya sani sarai, ya yi kamar ya manta, shi ne mai makullin nan kawun matata ne, wan uwarta uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya karɓi sadakina.

Muna sayar da siminti da kwano da rodi a Zango. Ƙarfe takwas ake buɗewa. In Kawu bai iso ba, masu amalanke da masu kura sai su yi layi a rana suna kallona, ni kuma ina kallon kwaɗo.

Na zauna na rubuta ta farko cikin ladabi: an lura kana yawan makara, kullum ana yi maka magana, don Allah a gyara. Na kai wa Hajiya kwantabul, wadda ta shekara ashirin tana cuɗanya da takardun ma'aikata. Ta karanta, ta ture tabarau.

"Wannan wasiƙar neman aure ce ko gargaɗi? Kullum ɗin nan wace rana ce a kalanda?"

Ta ce in maganar ta kai gaban sufetan ƙwadago, ba wanda zai saurari "kullum" ko "sau da yawa". Za a tambaye ni wace rana, ƙarfe nawa ya kamata ya zo, ƙarfe nawa ya zo, kuma ina shaida. Na ce to bari in rubuta za a cire masa jika biyu duk ranar da ya makara, ai kuɗi ne ke sa mutum tashi da asuba. Ta ce kul, dokar aiki ta hana mai gida cin ma'aikaci tara. Abin da zan iya ambata shi ne abin da ke cikin dokar cikin gida da muka manna a bango: gargaɗi a rubuce, sai dakatarwa ta ƴan kwanaki ba albashi, sai sallama. Kuma kafin gargaɗin ma, sai na ba shi takardar neman bayani, ya faɗi nasa uzurin.

Na ba shi. Amsarsa layi ɗaya ce, wani yaron lakwal ya rubuta masa: ruwa ba ya zuwa unguwarsu sai ya jira mai ga-ruwa. A Damagaram wannan uzuri ne da ba a yi masa dariya, kowa ya san wahalar ruwa. Har na fara jin kunya.

Sai na ɗauko littafin sa hannu na fara tsamo ranaku, na 2024. Ranar 14 ga Nuwamba ya zo tara saura kwata. Ranar 21, tara da minti goma. Ranar 28, tara da rabi. Ranar 5 ga Disamba, tara da ashirin, 12 ga Disamba kuma sai goma saura. Na jera su, na duba kalanda, sai na kwashe da dariya ni kaɗai. Duk Alhamis ne. Ashe famfon unguwar su Kawu ya san ranar Kasuwar Dole. Wani yaron shago ya raɗa mini cewa Kawu dillancin awaki yake taɓawa da safe kafin ya zo. Da na tsaya a "kullum", da har yau ina tausaya masa a kan ruwa.

To daɗi ya ɗebe ni. Na ga biyar sun yi kaɗan, na tuna wata Laraba da na hango shi a bakin titi wajen ƙarfe goma yana shan koko hankali kwance. Ban duba littafi ba, na ƙara ta: 18 ga Disamba.

Saura maganganun baya. Hajiya ta ce kowace sai da rana da wuri da wanda ya ji. Na rubuta biyu: ranar 22 ga Nuwamba a ofis, gaban Hajiya, da kuma wata ranar Lahadi a gidansa. Na rufe da cewa in aka sake daga ranar da ya karɓi takarda, za a dakatar da shi kwana uku ba albashi, in aka ƙara kuma zai iya rasa aikin. Aka buga da Faransanci kwafi biyu, Alhaji ya sa hannu, aka danna hatimi. Na aika masa ya zo ya same ni ranar Litinin ƙarfe takwas daidai. Har na ja wa "daidai" ɗin murya.

Ranar Litinin tayar babur ɗina ta yi faci kusa da Birni. Mai faci bai fito ba, na tura, na gaji, na hau kabu-kabu. Tara saura ashirin na shigo, gumi har cikin takalmi. Na tarar da Kawu zaune a kan buhun siminti, ya sha babbar riga, littafin sa hannu a cinyarsa. An riga an ja jan layin da ake ja ƙarfe takwas da kwata. Ya miƙo mini biro da hannu biyu.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Ga wuri nan ƙasan layi."

Na sa hannu. Muka shiga ofis. Kawu ba ya karanta Faransanci, don haka ni zan fassara masa, gaban Hajiya da direba a matsayin shaidu. Da na zo wajen dakatarwa sai bakina ya yi nauyi, na ce, "Kawu, an ce in an sake, za ka ɗan huta a gida." Hajiya ta ce, "Faɗa masa yadda take. Kwana uku, ba ko dala." Na faɗa ina kallon silin.

Kawu ya ce in maimaita ranakun. Ya saurara yana ƙirgawa da yatsa, bai musa ko ɗaya ba sai da na zo ta shida.

"Sha takwas ga Disamba? Ɗana, ranar Jamhuriya ce. Kanti a rufe yake. Ko kai kaɗai ka zo aiki?"

Direba ya juya fuska bango, kafaɗunsa suna rawa. Kawu bai gama ba. Ya ce maganar ofis ya yarda an yi ta. Amma ta Lahadi, ranar sunan jikansa ce, na zo na ci tuwo malmala biyu, na ce "Kawu a riƙa ɗan sammako" bakina cike da naman ragonsa. In wannan gargaɗi ne, shi ma ya gargaɗe ni ranar a kan cefanen ƴarsu, a rubuta.

Hajiya ta karɓe takardar ta yaga. Ta ce rana ɗaya ta ƙarya tana ɓata biyar na gaskiya, maganar gidan suna kuma ba ta shiga fayil. Aka sake bugawa da Alhamis biyar da magana ɗaya, na koma wajen Alhaji neman sa hannu na biyu, ya tambaye ni dalili, na ce kuskuren inji ne. Kawu ya ce ba zai sa hannu ba, kada a ce ya amsa laifi. Aka bayyana masa cewa sa hannun na karɓa ne kawai, kuma ko ya ƙi, shaidu biyu za su rubuta an karanta masa ya ƙi. Ya dangwala, ya ninke kwafinsa ya sa a hula.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Da dare aka ajiye mini tuwo ba miya, aka ce mai miyar ta makara.

Tun daga ranar Kawu bakwai da rabi yake zuwa, har Alhamis. Awakin ya bar wa ƙaninsa. Ya kuma roƙi Alhaji a bar masa jan biro, tunda shi ke fara isowa, Alhaji ya ce ai ya dace. Jiya na shigo takwas da minti goma sha bakwai, ya gaishe ni da fara'a, ya ciro wata ƴar takarda daga hula ya ƙara rubutu. Na leƙa. Ranaku huɗu ne, kowace da ƙarfenta, kuma ya ce yaron lakwal ɗin ya duba masa kalanda, babu ranar hutu a ciki.