In na'ura ta ce hau, mai kula da zirga-zirga ya ce sauka, wa matuƙi zai bi?

A daren 1 ga Yulin 2002, jirage biyu sun yi karo a sararin samaniyar Überlingen da ke kudancin Jamus, mutum 71 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makaranta daga Rasha. Abin da ya fi ci mini rai game da wannan haɗari shi ne duka jiragen suna ɗauke da na'urar kauce wa karo da ake kira TCAS, kuma ta yi aikinta a kan kari. Ta ce wa jirgin kaya na DHL ya sauka ƙasa, ta ce wa jirgin fasinja na kamfanin Bashkirian na Rasha ya hau sama. Sai dai daƙiƙu kaɗan kafin ta yi magana, mai kula da zirga-zirgar jirage a Zurich ya riga ya umarci jirgin fasinjan da ya sauka. Matuƙan suka bi muryar mutum. Jiragen biyu suka gangara tare daga tsayin ƙafa 36,000 har suka haɗu.

Ra'ayina shi ne a irin wannan hali na'urar ya kamata a bi, ko da kuwa wanda ke ƙasa ya fi kowa ƙwarewa. Dalilin yana cikin yadda take aiki.

Tushen komai wata na'ura ce mai suna tiransfonda, wadda aikinta amsa tambaya ne. Idan aka aiko mata da sigina a kan mita 1030 megahaz, sai ta mayar da amsa a kan 1090, ta faɗi lambar jirgin da tsayin da yake tafiya. Asali an yi ta ne domin masu kula da jirage a ƙasa. TCAS sai ta ari wannan hanya: jirgi da kansa yake tambayar jiragen da ke kewaye da shi, kusan sau ɗaya kowace daƙiƙa. Daga lokacin da amsa ta ɗauka kafin ta dawo ake gane nisa, tsayi kuwa yana cikin amsar. Da an jera amsoshi kaɗan sai a ga saurin da tazarar ke raguwa.

Abin da na'urar ke aunawa a ƙarshe lokaci ne: daƙiƙa nawa suka rage kafin jiragen su kai kusancin da ya fi kowane muni. A can sama sosai, idan ya rage kamar daƙiƙa 48, tana yin gargaɗin farko, wanda ake kira TA. Wannan na cewa a buɗe ido ne kawai, ba a juya jirgi a kansa. Idan ya rage kamar daƙiƙa 35 sai umarni ya zo, wato RA: hau, ko sauka, ko tsaya a tsayin da kake. Jirage biyu da ke fuskantar juna, tazararsu na raguwa da kilomita 1,600 a awa, suna cinye kusan mita 440 kowace daƙiƙa. Daƙiƙa 35 ke nan kilomita 15 da 'yan kai, nisan da da rana ma jirgi ɗigo ne a gilashi. An tsara matuƙi ya fara motsa jirgi cikin daƙiƙa 5, ya kai hawan ƙafa 1,500 a minti, wato ƙafa 25 a daƙiƙa. In kowa ya yi nasa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, za su wuce juna da ratar ɗaruruwan ƙafa. Ba wani juyi mai tayar da hankali ba ne, fasinja da yawa ba za su ma lura ba.

Kafin na'urar ta buɗe baki, ta riga ta yi magana da takwararta ta ɗaya jirgin ta tiransfonda nau'in Mode S. Wadda ta fara yanke shawara tana sanar da ɗayar, ita kuma ta zaɓi akasin haka. In sun yanke a lokaci guda, lambar shaidar jirgin ce ke raba gardama. Saboda haka "hau" da matuƙi ya ji rabin yarjejeniya ce, ɗaya rabin yana cikin wani jirgi da ya riga ya fara sauka bisa amanar cewa kai za ka hau. Wanda ya yi biris da umarnin ya rage ratar. Wanda ya yi akasinsa kuwa ya bi ɗan'uwansa zuwa inda ya gudu.

Shi mai kula da zirga-zirga, a mafi yawan wurare, ba ya ganin wannan yarjejeniya a allonsa. Sai matuƙi ya faɗa masa ta rediyo. A daren Überlingen mutum ɗaya ne ke kula da allo biyu, ana gyara a cibiyar, layin wayarsa ba ya aiki, kuma bai san na'urorin sun yi magana ba. Umarnin da ya bayar da ya wadatar da a ce jirgin DHL ya tsaya a tsayinsa. Amma daƙiƙu kaɗan bayan haka DHL ya fara bin tasa na'urar. Ban ga laifin hankalin mutumin ba a wannan daƙiƙar, labarin da ke hannunsa ne ya tsufa.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Na'urar kan yi ihu inda babu haɗari, musamman idan jirgi na hawa da sauri zuwa tsayin da aka ba shi, wani kuma yana ƙafa 1,000 a samansa. Ita ba ta san zai tsaya ba, lissafin saurinsa kawai take yi. Matuƙin da ya sha jin irin wannan zai iya fara raina ta. Amsata ita ce kuɗin bin gargaɗin da bai zama dole ba ɗan kaucewa ne na ƙafa ɗari kaɗan, maganinsa kuma rage saurin hawa idan an kusa tsayin da aka nufa. Matuƙi ba shi da hanyar tantance na gaske da na banza cikin daƙiƙa 5, jirgin da ya hango ta taga ma wataƙila ba shi ne wanda na'urar ke nufi ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce makantar na'urar. Ba ta ganin jirgin da tiransfondarsa ba ta amsawa. A ranar 29 ga Satumban 2006, a saman dajin Amazon na Burazil, wani ƙaramin jirgi ƙirar Embraer Legacy da tiransfondarsa ba ta aiki ya gogi jirgin kamfanin Gol a tsayin ƙafa 37,000. Babu na'urar da ta yi gargaɗi a ko wane ɓangare, mutum 154 da ke cikin jirgin Gol suka rasu. Haka nan ba ta cewa a karkata dama ko hagu, domin awon da take yi na ɓangaren da jirgi yake ba shi da daidaiton da za a dogara da shi, kuma idan jirgi ya yi ƙasa da kusan ƙafa 1,000 daga doron ƙasa ba ta ba da umarni. Duk waɗannan iyakoki ne na wuraren da take yin shiru. Ba su taɓa ingancin abin da ta faɗa a lokacin da ta yi magana ba.

Bayan Überlingen an fayyace dokar: RA na gaba da umarnin mai kula da zirga-zirga, matuƙi ya bi, ya sanar da ƙasa, shi kuma na ƙasa ya daina ba shi umarnin hawa ko sauka har sai an ce an wuce. An kuma gyara na'urar kanta. Sigar 7.1, wadda Turai ta wajabta wa sababbin jirage daga 2012 da sauran daga ƙarshen 2015, tana lura idan jirage biyu na gangarawa tare saboda ɗaya ya saɓa, sai ta juya umarnin, ta ce wa wanda ke biyayya ya hau yanzu. A wannan karon daƙiƙa biyu da rabi kawai aka ba shi.