Alƙalin gasa bai karanta tambayarsa ba

A makon jiya na halarci gasar kacici-kacici ta ɗaliban sakandare, inda 'yar ƙanwata take cikin masu wakiltar ajinsu. A zagayen lissafi alƙalin gasar ya karanto wannan tambaya: "Malam Audu yana da yara biyu. Kin gamu da shi a kasuwa riƙe da hannun ɗaya daga cikinsu, kuma namiji ne. Mece ce yiwuwar a ce ɗayan da ke gida ma namiji ne?" Yarinya ta ce rabi da rabi. Alƙali ya kaɗa ƙararrawa, ya ce ta faɗi, amsar ita ce ɗaya bisa uku. Har da ƙara wa 'yan kallo bayani cewa wannan tambaya ce da ke kayar da manyan masana. Aka tafa masa.

Ba makin da ta rasa ne ya dame ni ba. Abin da ya ɓata min rai shi ne yarinyar ce mai gaskiya, alƙalin kuma ya haddace amsar wata tambaya daban ya manna ta a kan wannan. Ba shi kaɗai ba ne. Duk lokacin da wannan tambaya ta sake zagayowa a wayoyin jama'a, sai ka ga 'yan bana-bakwai na lissafi suna yi wa duk wanda ya ce rabi dariya, kamar su ne suka gano wuta.

Tambayar ta girmi dukkanmu da muka zauna a ɗakin taron. Martin Gardner ne ya baza ta a duniya a shekarar 1959, a shafinsa na wasannin lissafi a mujallar Scientific American ta Amurka, kuma gida biyu ya yi mata. Na farko: mutum yana da yara biyu, babbar mace ce, mece ce yiwuwar duka biyun mata ne? Amsa rabi. Na biyu: mutum yana da yara biyu, aƙalla ɗaya namiji ne, mece ce yiwuwar duka biyun maza ne? Ya ce ɗaya bisa uku. Abin da masu haddar amsa ba sa faɗa shi ne Gardner da kansa ya dawo daga baya ya amince cewa tambayar ta biyu tana da harshen damo, domin bai bayyana yadda aka samo labarin namijin ba. Mai tambayar ya sauko tun tuni, mabiyansa ne har yau suke kan bishiya.

Bari mu ƙirga, don maganar ba ta fi ƙarfin yatsu ba. Ɗauki gidaje 400, kowanne da yara biyu, mu ɗauka samun namiji da samun mace kunnen doki ne. (A zahiri maza suna ɗan rinjaye wajen haihuwa, kusan 105 ga kowane mata 100, amma wannan ba ya sauya komai a gardamarmu.) Gidaje 100 maza biyu ne. Gidaje 100 wa ne da ƙanwa. Gidaje 100 yaya mace ce da ƙanenta. Sauran 100 mata biyu ne.

Yanzu ka bi gidajen ɗaya bayan ɗaya kana tambayar kowane maigida: "Kana da ɗa namiji?" Masu mata biyu za su ce a'a, su fita daga lissafi. Saura 300 da suka ce e. A cikinsu 100 ne kawai ke da maza biyu. Ɗari cikin ɗari uku, ɗaya bisa uku ke nan. Wannan lissafi daidai ne, ba ni da ja a kansa. Amma dubi abin da ya faru: kai ne ka zaɓi tambayar, kuma duk gidan da ke da namiji ya amsa, babu wanda ya kuɓuce maka.

Kasuwa ba haka take ba. Magidantan nan 400 kowa ya fito da yaro ɗaya, wanda ya fara cin karo da shi a tsakar gida, ba tare da ya duba namiji ne ko mace ba. Masu maza biyu, duka 100 za ka gan su da namiji, don ba su da wani zaɓi. Masu namiji da mace su 200 ne, amma rabinsu da 'yar macen suka fito, saboda haka 100 kacal za ka gani da namiji. Jimillar waɗanda ka gani riƙe da hannun namiji 200. A cikinsu 100 sun bar wani namijin a gida. Rabi. Abin da yarinyar ta faɗa ke nan, kuma shi ne abin da wasu masana biyu, Maya Bar-Hillel da Ruma Falk, suka fayyace a rubutunsu na 1982, da misali irin wannan na gamuwa da uba da ɗansa a kan titi.

Gidajen ba su canja ba, yaran ba su canja ba. Abin da ya canja shi ne ƙofar da labari ya biyo ya iso kunnenka. A ƙofar farko gidaje 200 masu namiji da mace sun shigo dukkansu, a ta biyu rabinsu ne suka shigo. Bambancin sulusi da rabi daga nan ya taso, ba daga wani sirrin lissafi ba.

Wani zai ce ai a garuruwanmu uba ya fi fita da ɗa namiji. Madalla, wannan ita ce kaɗai hanyar da alƙalin zai iya bi ya kare kansa, kuma bai bi ta ba. Da tambayar ta ce a hanyar masallacin Juma'a aka gamu da Malam Audu, a garin da duk mai ɗa namiji da shi yake tafiya, to masu namiji da mace duka 200 za su bayyana da namiji, mu koma 100 cikin 300. In kuma sau uku cikin huɗu ne uba ke ɗaukar namijin, za ka ga 150 daga cikinsu, a haɗa da 100 na masu maza biyu, 100 cikin 250, wato biyu bisa biyar. Amsar tana tafiya tsakanin sulusi da rabi gwargwadon ɗabi'ar iyayen garin. Tambayar da ba ta ce uffan kan wannan ɗabi'a ba, ba ta ba kowa izinin zaɓar sulusi ya kaɗa ƙararrawa ba.

Masu cewa kullum rabi ne, wai ai ɗan wani ciki bai san na wani cikin ba, su ma sun yi kuskure, kuma gidaje 300 na sama sun ishe su amsa.

Akwai kuma wata matsala da ta shafi harshenmu. Idan Bahaushe ya ce maka, "Yarana biyu, ɗaya namiji ne," me ka fahimta? Ɗayar mace ce. Babu uban da ke da maza biyu da zai yi magana haka, sai dai in zolaya yake yi. A maganar yau da kullum amsar sifili ce. Kalmar "aƙalla" ce ke ɗauke da nauyin tambayar Gardner baki ɗaya, kuma ita ce kalmar farko da ke faɗuwa idan ana juya tambayar zuwa Hausa. In kuwa aka ce "ɗan farinsa namiji ne" ko "autansa namiji ne": an nuna yaro ɗaya takamaimai, gidaje 200 suka rage, rabinsu maza biyu.

Inda abin ya fi daɗi shi ne tambayar Talata. A shekarar 2010, a wani taro da ake yi a birnin Atlanta na Amurka don girmama Gardner, wani mai suna Gary Foshee ya tashi ya ce yana da yara biyu, ɗaya namiji ne da aka haifa ranar Talata, mece ce yiwuwar duka maza ne? Amsar da aka yi ta yaɗawa ita ce 13 bisa 27. Turawa sun sha mamakin me ya haɗa Talata da jinsin yaro. Mu da muke da Ɗantala da Talatu, da Ɗanjuma da Jummai, da Ɗanladi da Ladi, ranar haihuwa a cikin suna take zaune, don haka ya fi mana sauƙin gani.

Kowane yaro yana iya zama ɗaya daga iri 14: jinsi biyu, ranaku bakwai. Yara biyu kuwa 14 sau 14, haɗi 196. Shiga gidajen ka tambaya: "Akwai Ɗantala a gidan nan?" Inda babban ne Ɗantala, haɗi 14 ne. Inda ƙaramin ne, 14. Gidan da duka biyun 'yan Talata maza ne an ƙirga shi sau biyu, a cire ɗaya, saura 27. A cikin waɗannan, masu maza biyu bakwai da bakwai ne, a sake cire ɗayan nan, 13. To ga 13 bisa 27, kusan kashi 48 cikin 100. Dalilin da ya sa ya matso kusa da rabi shi ne ranar ta kusa nuna yaro guda da yatsa. Da wuya a sami Ɗantala biyu a gida ɗaya, don haka cewa "Ɗantala" ya yi kusa da cewa "wancan yaron".

Sai dai nan ma masu hadda sun sake faɗawa ramin da suka saba. Wannan lissafi yana aiki ne idan kai ka zo da Talata a bakinka kafin ka san komai game da gidan. In kuwa ka tambayi uba ko yana da namiji, ya ce e, sannan ka ce ya faɗa maka ranar haihuwar namiji ɗaya daga 'ya'yansa, ya ce Talata, ba ka ƙaru da komai ba. Dole ne ya ambaci wata rana, ko Talata ko Lahadi. Kana nan a kan sulusinka. In kuma yaro ɗaya ya tsinta haka kawai ya ba ka labarin jinsinsa da ranarsa, rabi ne. Jimla ɗaya, amsa uku, kuma ban ga wanda ya turo tambayar a waya ya tsaya ya faɗi wacce yake nufi ba.

Ina ganin abin da ke faruwa shi ne amsar da ta saɓa wa hankali tana da farin jini. Mutum yana jin daɗin sanin abin da talaka bai sani ba, sai ya riƙe sulusi kamar laya, yana shafa wa kowace tambaya mai yara biyu. Wannan ba ilimin lissafi ba ne, fankama ce da lambobi. Kuma illarta a aji take sauka: yarinyar da ta yi tunani mai kyau ta koma gida tana zargin ƙwaƙwalwarta.

Masu shirya irin waɗannan gasa su riƙa rubuta yadda aka samo labarin a cikin tambayar, ko su bar ta gaba ɗaya. Malamai kuma su daina ba da amsa kafin a ƙirga gidaje a kan allo.

Bayan an tashi na tari alƙalin a bakin ƙofa, na zana masa gidajen nan kashi huɗu a bayan takardar gayyata. Ya duba, ya ce shi dai abin da ke cikin takardar amsa ya bi. Na tambaye shi ko takardar amsar ta ambaci kasuwa. Ya buɗe, ya karanta. Babu kasuwa a ciki, "aƙalla ɗaya namiji ne" aka rubuta. Shi ne ya ƙara kasuwar da Malam Audu daga kansa, wai don tambayar ta yi armashi.