Yaro ya yi jijjiga: ku ajiye cokalin, ku dubi agogo

Makon jiya da misalin ƙarfe ɗaya na dare aka buga mini ƙofa a gidanmu na Aboabo, a Kumasi. A gidan haya, da zarar an san ke nas ce to ɗakinki ya zama asibiti. Yaron maƙwabciyata ne ɗan wata 18, zazzaɓi ya kama shi, ya sandare, idanu sun juye sama, hannu da ƙafa suna fizga. Kafin in isa har an kawo cokali, wata ta ɗebo bokitin ruwa, kakarsa kuma tana ƙoƙarin ɗura masa manja. Na ce, "Hajiya, don Allah ki ba ni shi." Na kwantar da shi a tabarma ta gefensa, na cire masa riga, na ce wa babban yayansa ya dubi lokaci a waya kuma ya ɗauki bidiyo. Da minti uku jikin ya saki. Uwar ta rantse mini ya kai rabin awa, ban kuma zarge ta ba, don minti ɗaya a wannan hali ya fi yini tsawo.

Ra'ayina, bayan shekarun da na yi a ɗakin yara na asibiti, shi ne mun ɗora tsoronmu a inda bai kamata ba. Fizgar muke tsoro, alhali mafi yawan lokaci ita da kanta take tsayawa ba ta bar komai ba. Abin da ke kashe yara shi ne ciwon da ya kawo zazzaɓin idan ba a gano shi ba, sai kuma abin da muke zuba musu a baki.

Jijjigar zazzaɓi tana samun yara daga wata 6 zuwa shekara 5, ta fi yawa tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi, kuma cikin yara 100 ana samun 2 zuwa 5 da za su yi ta. Ƙwaƙwalwa da wata irin wutar lantarki mai rauni take aiki, jijiya tana aika wa jijiya saƙo. A ƙwaƙwalwar babba akwai birki mai ƙarfi da ke hana saƙon yin yawa. A ta ƙaramin yaro birkin bai gama ƙwari ba. Idan zafin jiki ya hau digiri 38 ko sama, zafin kansa yana sa jijiyoyin saurin tashi, sinadaran da jiki ke fitarwa don yaƙar cuta suna ƙara zuga su, sai su tashi gaba ɗaya lokaci guda. Abin da ido ke gani a waje shi ne sandarewa da fizga. Yaro na girma birki na ƙara ƙwari, shi ya sa abin ke wucewa kafin ya shiga firamare.

Akwai gado a ciki. A wannan daren ma sai da kakar ta tuna cewa uban yaron ya yi irin haka yana goye. Shi ya sa yara biyu za su yi zazzaɓi iri ɗaya, ɗaya ya yi jijjiga, ɗayan yana ta wasansa. Kuma sau da yawa a ranar farko ta zazzaɓin take zuwa, wani lokaci ma ita ce ke sanar da uwa cewa jikin yaro da zafi. Na faɗi wannan ne saboda surukai masu cewa sakacin uwa ne. Farasitamol yana sa yaro ya ji daɗin jikinsa, ya sha nono, ya yi barci, amma an gwada an gani ba ya hana jijjiga zuwa.

To yaushe ne abin ya wuce na zazzaɓi kawai? A asibiti muna kiranta mai sauƙi idan ta kama jiki duka, ba ta kai minti 15 ba, ba ta sake dawowa cikin awa 24 ba, yaro kuma ya dawo hayyacinsa. Idan gefe ɗaya ne ke fizga, ko baki ya karkace, ko ta yi tsawo, ko ta dawo a yini guda, to wannan sai an bincika. Kun ga duk waɗannan tambayoyi wanda ke wurin ne kaɗai zai iya amsa su. Likita bai gani ba. Bidiyon da yayan nan ya ɗauka ya nuna hannu biyu da ƙafa biyu suna motsi tare, ya kuma nuna tsawon lokacin, kuma ya fi bayanin mutum goma da ke tsaye a tsakar gida amfani.

Kada dai wani ya zauna yana jiran minti 15 ta cika. Wancan lissafin na rarrabewa ne. A gida iyakar ita ce minti 5. Jijjigar da ta wuce minti 5 da wuya ta tsaya da kanta, sai a nemi tasi ko a kira 112, yaro na kwance ta gefensa har a isa. A can akwai maganin da ake sa wa ta dubura ko ta jijiya ya tsayar da ita.

Maƙwabcina ƙarami ya yi barci kamar minti 20, ya farka da kuka, ya gane uwarsa, ya kama nono. Wannan farkawar ita ce ta kwantar mini da hankali fiye da komai. Duk da haka a daren muka tafi asibiti, don jijjigar farko dole ma'aikacin lafiya ya ga yaro. Zafinsa 39.4. Aka soki yatsa aka yi gwajin maleriya, babu. Aka auna sukari, lafiya. Aka lanƙwasa wuya, yana lanƙwasuwa, aka duba kunne da maƙogwaro, aka saurari ƙirji, aka duba katin awo aka ga rigakafinsa cikakke. Kilo 10 ne, aka ba shi farasitamol miligiram 150, wato 15 a kowane kilo, aka ajiye shi ƴan awanni ana dubawa, da safe aka sallame mu. Uban ya so a yi masa sikanin kai, likita ya ce babu buƙata, kuma gaskiyarsa. Yaron da ya yi mai sauƙi ya warware sarai, hoton kai da gwajin wutar ƙwaƙwalwa ba sa ƙara komai sai kashe sidi. Kwana uku zazzaɓi ya sauka, ƙananan ƙuraje ja suka feso masa a ciki da baya, alamar wata ƙwayar bairos da ta saba kama yara a wannan shekaru ta wuce da kanta.

Inda nake saɓa wa abin da mutane ke karantowa a waya shi ne nan. Shawarar da aka rubuta don ƙasashen da babu maleriya tana cewa a kwantar da hankali, ba komai. A Kumasi, musamman da damina da kwatoci suka cika, ba a cewa ba komai sai an soki yatsa. Maleriya tana iya kawo jijjiga ta hanyar zafin jiki kawai kamar kowane zazzaɓi, tana kuma iya kawo ta saboda ta taɓa ƙwaƙwalwa, ko saboda ta zubar da sukarin jini. A minti na farko duka ukun kamanninsu ɗaya. Abin da ke biyo baya ne ke raba su.

Na tuna wata yarinya ƴar shekara 3 da aka kawo mana da la'asar. Ta yi jijjiga da asuba, aka yi tofi aka ba ta rubutu, ta sake da hantsi, ta sake bayan azahar. Tsakanin ta biyu da ta uku ba ta farka ba, amma aka ce barcin gajiya take yi. Da na matsa mata farce ko motsi ba ta yi ba, tafin hannunta fari fat. Gwaji ya nuna maleriya, sukari ya faɗi ƙasa da 2.2, jini ya yi ƙasa. Aka sa mata ruwan sukari ta jijiya nan take, aka fara allurar atesunet, maganin maleriya mai tsanani, aka maimaita bayan awa 12 da awa 24, aka ƙara mata jini. Ta tashi a kwana na biyu, alhamdu lillahi, amma ba kowa ke tashi ba. Ni ban hana kowa addu'a ba, ni ma ina yi. A yi ta cikin mota. Yaron da ya yi rabin awa bayan jijjiga ana tashinsa ba ya tashi, wannan suma ce, ko da numfashinsa na fita kamar na mai barci.

Ita wannan yarinyar sai da aka ɗebi ruwan bayanta, kuma sai da muka sha fama da dangi, don an yi imani allurar baya tana gurgunta yaro. Ana shigar da allurar ne a ƙasan baya, ƙasa da inda lakar ta ƙare, a ɗebi ɗigo kaɗan. Dalilin yinta sanƙarau ne, kuma samun maleriya a jini ba ya nufin babu shi, yaro na iya ɗaukar biyun. A babban yaro wuya na sandarewa. A ɗan ƙasa da shekara ɗaya da rabi wuyan na iya zama lafiya lau alhali ciwon na nan, sai dai maɗiga ta kumbura, ya ƙi nono, ya riƙa kuka mai tsini idan an ɗaga shi, ko ya yi laushi kamar tsumma. Likita zai fi karkata ga ɗibar ruwan idan rigakafi bai cika ba, ko idan an riga an sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta a shagon magani an fara ba shi, don rabin magani yana rufe alamomin ba tare da ya kashe ciwon ba. Saboda haka ku faɗi gaskiyar abin da kuka ba yaro, ku zo da kwalbar. Jaririn da bai kai wata 6 ba, ko yaron da ya wuce shekara 5, ko wanda ya yi jijjiga jikinsa ba zafi, waɗannan tun farko ba sa cikin lissafin jijjigar zazzaɓi, bincikensu daban ne.

Batun cokali kuwa, ba wanda ke haɗiye harshensa. Na ga haƙoran da cokali ya karya, na ga dasashin da ya yaga. Manja da ruwa sun fi muni, don wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, sai su gangara huhu su zama ciwon da ya fi na farko. Ruwan sanyi da ake kwarawa kuma ba ya tsayar da komai.

Da muka dawo gida kakar ta ja ni gefe ta yi ƙasa da murya: "Ƴata, ba farfaɗiya ba ce ko?" Na ce mata a'a, Hajiya. Cikin yara 100 da suka yi mai sauƙi, ɗaya ko biyu ne ke samun farfaɗiya daga baya, kusan daidai da sauran yara, kuma ba ta taɓa basira. Amma na gaya mata cikin uku ɗaya yakan sake yi a wani zazzaɓin, kuma tunda jikanta ƙarami ne uban kuma ya yi, kada ta yi mamaki idan ta dawo. Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ta wane gefe ake kwantar da shi. Na ce duk wanda ya fi kusa.